Kashi 25 a shekara: yadda za ka auna alƙawarin takardar zuba jari da alƙalumanta

Takardun da kamfanonin zuba jari ke rabawa sukan ɗauki lambobi uku a shafi guda: abin da aka zuba da farko, abin da ya zama a ƙarshe, da wani kaso cikin ɗari da aka ce kuɗin ya riƙa ƙaruwa da shi duk shekara. Wannan na ukun shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe, sau da yawa tare da haruffan nan huɗu, CAGR, waɗanda ke nufin ƙaruwar shekara-shekara ta riba kan riba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, lambobin nan uku a ɗaure suke da juna. Idan ka san na farko da na ƙarshe da yawan shekarun da ke tsakani, to na ukun guda ɗaya ne tak zai iya zama, kamfanin ba shi da zaɓi a cikinsa. Saboda haka takardar da kanta ta ba ka abin da za ka tuhume ta da shi, kuma kalkuletar da ke cikin wayarka ta isa.

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira, mu bi shi har ƙarshe. Takarda ta ce wanda ya zuba naira 100,000 a wani asusu ranar 1 ga Janairun 2019, bai taɓa komai ba, kuɗinsa sun kai naira 250,000 ranar 31 ga Disamban 2024. A sama kuma an rubuta: ƙaruwar kashi 25 cikin 100 duk shekara, riba kan riba.

Riba kan riba na nufin ribar bana tana shiga cikin uwar kuɗi, baɗi kuma a yi lissafi a kan duka biyun. Idan kuɗi ya ƙaru da kashi 25, daidai yake da a ninka shi da 1.25. Daga farkon 2019 zuwa ƙarshen 2024 shekara shida ce cif, don haka sai ka ɗauki 100,000 ka ninka da 1.25 har sau shida. Shekara ta farko ta ba ka 125,000. Ta biyu 156,250. Ta uku 195,313. Ta huɗu 244,141. Tsaya nan ka duba: tun a shekara ta huɗu an kusa cimma 250,000 ɗin da takardar ta ce sai a ta shida aka kai. Ka ci gaba, ta biyar 305,176, ta shida 381,470. Da gaske kuɗin na ƙaruwa da kashi 25 riba kan riba, da naira 381,470 mai jarin zai tarar, ba 250,000 ba. Giɓin ya haura naira 131,000, wato ya fi uwar kuɗin da aka fara da ita. Ɗaya daga cikin lambobin takardar ba daidai ba ne, kuma da wuya a ce 250,000 ɗin ne, domin babu kamfanin da zai rage abin da yake alfahari da shi.

Akwai ma gwajin da ake yi da ka, ba tare da an taɓa waya ba. Masu lissafin kuɗi suna raba 72 da kason da aka ambata, sai su sami kimanin shekarun da kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka biyu. Raba 72 da 25 ya ba da kusan shekara uku. Ke nan cikin shekara shida kuɗin zai ninka sau biyu, ɗari ya zama ɗari biyu, ɗari biyu ya zama wajen ɗari huɗu. Takardar kuwa ɗari biyu da hamsin ta nuna. Wannan ƙiyasi ne kawai, ba ya ba da amsa daidai wa daida, amma ya isa ya sa ka zauna ka yi lissafin sosai. Wannan hanya ta ninkawa gaba ita ce kuma ke fallasa alƙawuran wata-wata. MMM, wanda ya rufe da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya a ƙarshen 2016, kashi 30 a wata yake alƙawari. Ka ninka 1.3 da kansa sau goma sha biyu, za ka ga kuɗi ya ninka fiye da sau 23 a shekara guda. Babu sana'ar halak da ke yin haka, kuma lissafin minti ɗaya ne ke nuna shi.

To ina aka samo 25 ɗin? Ba daga iska aka ciro shi ba, kuma gano asalinsa yana da amfani, domin shi zai gaya maka ko kuskure ne ko dabara. Ribar gaba ɗaya ita ce 250,000 a cire 100,000, saura 150,000, wato kashi 150 na uwar kuɗi. Raba 150 gida shida, ka sami 25. Abin da aka yi ke nan: an yanka jimillar riba gida shida daidai, naira 25,000 kowace shekara, aka auna kowane yanki da 100,000 ɗin farko. Matsalar ita ce naira 25,000 kashi 25 ce a shekarar farko kaɗai. A bisa wannan lissafi nasu, mai jari zai shiga shekara ta shida da naira 225,000 a asusu, kuma 25,000 a kan 225,000 kashi 11 ne da ɗan ɗoriya. Kuɗin da aka bari a ciki ya yi ta aiki, amma ma'aunin ya tsaya a kan adadin ranar farko kamar bai taɓa motsawa ba. Idan takarda ta rubuta wannan lamba ta kira ta matsakaicin riba a kan uwar kuɗi, ba ta yi ƙarya ba, ko da yake ta zaɓi lambar da ta fi kyan gani. Amma da zarar ta liƙa mata CAGR, ko ta ce riba kan riba ce, to ta faɗi abin da ba haka yake ba.

Yanzu sai a nemo lambar gaskiya. Tambayar ita ce: wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta sau shida za ta ba da 2.5, tun da 250,000 ninki biyu da rabi ne na 100,000? Wanda kalkuletarsa ba ta da komai sai tarawa da ninkawa zai iya lalubo ta da gwaji. Ka gwada kashi 16: ninka 100,000 da 1.16 sau shida ya ba da 243,640, ya gaza kaɗan. Ka gwada kashi 17: ya ba da 256,516, ya zarce kaɗan. Amsar tana tsakani. Ka gwada 16.5, wato 1.165 sau shida, sai ka sauka a kan 250,009. Ta fito. Ƙaruwar gaskiya kashi 16.5 ce a shekara. Mai amfani da Excel ko Google Sheets zai same ta da layi ɗaya, ta kowace daga cikin hanyoyin nan biyu:

```
=(250000/100000)^(1/6)-1
=RRI(6,100000,250000)
```

Duka biyun za su ba da 0.165. A kalkuletar waya ma, idan ka buɗe ɓangaren lissafin kimiyya, za ka raba na ƙarshe da na farko, ka ɗaga shi da maɓallin da ke ɗauke da alamar xʸ zuwa 1 bisa 6, ka cire 1.

Gwajin 16 da 17 ɗin nan ya koya mana wani abu kuma, wato iyakar sassaucin da ya kamata a yi wa takarda. Da ta rubuta kashi 17, sai mu ce an cike lamba ne zuwa sama, bambancin 'yan dubbai ne, ba abin ɗaga murya ba. Rabin kashi ɗaya cikowa ce. Tsakanin 16.5 da 25 kuwa ba cikowa ba ce, lissafi ne daban.

Kafin ka yanke wa takarda hukunci, ka tabbatar da yawan shekarun, domin nan ne masu gwajin kansu suka fi tuntuɓe. "Daga 2019 zuwa 2024" na iya zama shekara shida, yana kuma iya zama biyar. A misalinmu an ba da ranaku, 1 ga Janairun 2019 zuwa 31 ga Disamban 2024, shida ce babu gardama. Amma takardu da yawa jadawali suke bugawa na darajar jari a ƙarshen kowace shekara: 2019, 2020, 2021, 2022, 2023, 2024. Ido zai ƙirga lambobi shida, alhali daga ƙarshen 2019 zuwa ƙarshen 2024 shekara biyar kuɗin ya yi yana aiki. Kamar dirkoki shida ne a jere a jikin darni, tazarar da ke tsakaninsu biyar ce, kuma tazarar ake ƙirgawa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ninki biyu da rabi cikin shekara shida kashi 16.5 ne, cikin shekara biyar kuwa kashi 20.1 ne. Kuskuren yana tafiya ta fuska biyu: kamfani na iya ƙirga biyar inda shida ce don lambarsa ta kumbura, kai ma kana iya ƙirga shida inda biyar ce ka zargi takardar da ba ta da laifi. Idan lokacin ba cikakkun shekaru ba ne, a ce daga Yulin 2019 zuwa Disamban 2024, sai ka sa 5.5 a gurbin shekarun. Takardar da ta ambaci shekaru kawai ba tare da wata ko rana ba, ka gwada ta da ƙirga biyun. Idan ɗaya ya dace da lambarta, ka gano abin da take nufi. A misalinmu ko biyar ɗin aka ɗauka, 20.1 ne, bai kai 25 ba.

Akwai hanya ta biyu ta kumbura lamba wadda ta fi ta farko wuyar ganewa, domin kowace lamba a cikinta gaskiya ce. A ce asusun nan ya bayyana sakamakon kowace shekara: ya hau da kashi 60, ya sauka da 20, ya hau da 40, ya sauka da 10, ya hau da 35, ya hau da 15. Ka tara su, ka cire na faɗuwa, za ka sami 120. Raba gida shida, kashi 20 a shekara. Lamba ce mai kama da adalci, tun da har shekarun asara an sa a ciki. Amma ka bi kuɗin da kansa. Dubu ɗari ta zama 160,000. Faɗuwar kashi 20 ta mayar da ita 128,000, kuma ka lura naira 32,000 ta tafi, domin kashi 20 ɗin na 160,000 ne, ba na 100,000 ba. Daga nan 179,200, sai 161,280, sai 217,728, a ƙarshe 250,387. Mun dawo wajen 250,000 ɗinmu, wanda muka riga muka san kashi 16.5 ne. Da kashi 20 ne na gaske sau shida, da kuɗin ya kai 298,598.

Dalilin wannan giɓi shi ne hawa da sauka ba sa biyan juna daidai. Kuɗin da ya faɗi da rabi sai ya ninka biyu kafin ya koma inda yake, wato faɗuwar kashi 50 tana bukatar hawan kashi 100. Shi ya sa matsakaicin da aka samu ta tarawa da rabawa kullum yake fin ƙaruwar gaskiya, sai fa idan duk shekarun sakamakonsu ɗaya ne. Kuma gwargwadon yadda asusu ke tsalle sama da ƙasa, gwargwadon faɗin giɓin. Wannan abu yana damuna matuƙa, domin asusun da ya fi haɗari shi wannan lissafi ya fi yi wa kwalliya, kuma mai ƙaramin jari, ɗan fansho ko 'yar kasuwar da ta tara kuɗin adashi, shi ne wanda ba zai iya jure tsallen ba.

Sai dai gwajin farko da ƙarshe yana da sharaɗi guda: kuɗi ya shiga sau ɗaya, ya fita sau ɗaya, ba a ƙara ba, ba a ɗiba ba a tsakani. Inda sharaɗin ya karye, gwajin zai ba da amsar banza, kuma ya kamata a san haka don kada a yi zalunci. Sukuk, wato takardar jari ta tsarin Musulunci, na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai, ya riƙa biyan kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, ana biya sau biyu a shekara a hannun mai jari. Wanda ya sa 100,000, a ƙarshen wa'adi 100,000 ɗinsa aka mayar masa. Idan ka auna farko da ƙarshe kawai za ka ce ƙaruwa sifili ce, alhali ribar ta riga ta fita zuwa aljihunsa shekara bayan shekara. A irin wannan jari, kason da aka ambata a kan uwar kuɗi gaskiya ne, kuma ba ya zama riba kan riba sai idan mai shi ya sake zuba abin da ya karɓa. Haka da asusun misalinmu yana miƙa wa mutum naira 25,000 a hannu duk shekara, ya kuma mayar masa da 100,000 ɗinsa a ƙarshe, da kashi 25 ɗin ya tabbata. Abin da ya rushe shi shi ne takardar ta ce ba a taɓa kuɗin ba.

Ɗaya fuskar ita ce kuɗin da aka ƙara. Takarda na iya cewa dukiyar asusu ta tashi daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 5, ta fitar da kaso mai kyau daga nan. Lissafin na iya zama daidai, amma girman asusun yake aunawa, kuma asusu yana girma ne har da kuɗin sababbin masu shiga. Asusun da ke asara ma zai iya kumbura idan tallarsa ta karɓu. Abin da ya shafe ka shi ne farashin hannun jari ɗaya na asusun a ranar farko da ranar ƙarshe, tare da bayanin ko an raba riba a tsakani. Idan kuma kai ne ke zubawa wata-wata, kowane zubi da tsawon zamansa, sai a koma ga `XIRR` a Excel, wanda ke karɓar kowane adadi da ranarsa. Ka kuma duba ƙananan rubutun ƙasan shafi ko an cire ladan masu kula da asusun kafin a kai ga lambar ƙarshe. Ladan kashi 2 a shekara a kan abin da ke asusu, idan ba a cire ba, zai mayar da 250,000 ɗin nan wajen 221,500.

Yanzu a ce takarda ta ci jarrabawa: farko, ƙarshe, shekaru da kaso duk sun dace. Wannan ya nuna lissafinta daidai ne, bai nuna an zaɓi ranakun da adalci ba. Kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas ta ba da misali na zahiri. Babban ma'auninta ya rufe shekarar 2017 a kan 38,243, ya yi ƙasa shekara biyu a jere har ya rufe 2019 a kan 26,842, daga nan ya yi ta hawa har ya rufe 2024 a kan 102,926. Mai takardar da ya fara ƙirga daga ƙarshen 2019 zai ce ninki 3.83 cikin shekara biyar, wato kusan kashi 31 a shekara. Wanda ya fara daga ƙarshen 2017 zai sami ninki 2.69 cikin shekara bakwai, wato kimanin kashi 15. Kasuwa ɗaya, ranar ƙarshe ɗaya, babu ƙarya a ko ɗaya, amma lambar ta rabu biyu saboda an matsar da ranar farawa da shekara biyu. Duk lokacin da ka ga takarda ta fara ƙirga daga wata rana da ba ita ce ranar kafa asusun ba, ka nemi lambar tun daga kafuwarsa, da ta shekara uku, da ta biyar, da ta goma idan ya kai. Idan ɗaya ce kawai ke sheƙi a cikinsu kuma ita aka buga a bango, ka san dalilin zaɓenta.

Abu na ƙarshe da ya kamata a auna da wannan lissafi shi ne darajar nairar kanta, domin farashin kaya ma riba kan riba yake hawa. Alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar na watan Disamba, kowanne a kan Disamban shekarar da ta gabace shi, su ne kashi 11.98 a 2019, 15.75 a 2020, 15.63 a 2021, 21.34 a 2022, 28.92 a 2023, da 34.80 a 2024. Ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi kamar yadda muka yi wa sakamakon asusu: 1.1198 sau 1.1575, a ci gaba har zuwa 1.348. Amsar ta kai wajen 3.16. Ma'ana kayan da naira 100,000 ke saya a farkon 2019 sai da kimanin naira 316,000 ake samunsu a ƙarshen 2024, kuma idan aka mayar da wannan zuwa ƙaruwar shekara-shekara da layin nan na Excel, wajen kashi 21 ne. Mai jarin misalinmu ya fito da 250,000, wadda ƙarfin sayenta bai wuce na naira 79,000 ta farkon 2019 ba. Kashi 25 da takardar ta buga yana sama da 21, don haka mai karanta ta zai ɗauka ya tsere wa tsadar kaya. Kashi 16.5 na gaskiya yana ƙasa da 21, wato cikin shekara shidan nan ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuɗinsa ke iya saya.